Littafin bashin Alhaji yana cikin wayar yaro

Sati biyu bayan ƙaramar sallah kawuna ya kira ni shagonsa a Kantin Kwari, wai in zo da kwamfutata zan rubuta masa wasiƙa, tunda dai ni ne ɗan bokon gidan duk wata takarda a kaina take ƙarewa. Na same shi zaune kan bandir ɗin shadda ransa a ɓace, ko gaisawa ba mu gama ba ya fara karanto min abin da zan rubuta. Yaron da ya yi shekara huɗu yana tsaron shagon ne ya bar aiki, sun ɗan samu saɓani kan maganar sallama, yaron yana ganin lokaci ya yi da za a ba shi jari shi kuma kawu yana cewa a ƙara haƙuri kasuwa ba daɗi. Yaro ya tafi ba tare da ya ɗauki ko ƙyalle ɗaya ba, wannan kawu da bakinsa ya faɗa. Amma ya tafi da wayarsa, a cikin wayar nan kuma duk hirar kwastomomin shagon take, ta WhatsApp, tun daga masu turo hoton leshi su ce a nemo musu irinsa har masu karɓar kaya su ce sai ƙarshen wata.

Ga abin da kawu ya ce in rubuta, kusan kalma da kalma: "Ka dawo min da duk hirar kwastomomina da ke wayarka cikin kwana bakwai, ka goge lambobinsu gaba ɗaya, kada ka sake yi wa ko ɗaya daga cikinsu magana, in ba haka ba zan kai maganar wajen 'yan sanda." Na rubuta, na karanta masa, sannan na ce kawu wallahi in ka aika wannan takardar ba abin da za ka samu, kuma rabin abin da ka nema ma ba haƙƙinka ba ne. Ya kalle ni kamar na zage shi.

Ra'ayina a kan wannan magana, wanda har yau ban sauya ba, shi ne mai shago yana da cikakken haƙƙi a kan bayanin cinikin da aka yi da kayansa, wa ya yi oda, me ya biya, nawa ya rage, wa ake bi. Wannan littafin shago ne ko da kuwa a wayar wa aka rubuta shi, kuma yaron da ya riƙe shi ya hana ya ci amana. Amma mai shago ba shi da haƙƙi a kan wayar, ba shi da shi a kan layin, kuma ba shi da shi a kan mutanen. Yawancin wasiƙun da masu shago ke aikawa suna haɗa abubuwan nan duka su dunƙule su a kalma ɗaya, "dawo min", sai a rasa na gaskiyar saboda an haɗa shi da na son zuciya.

Dalilin da ya sa na ce bayanin cinikin na shago ne ba wani dogon nazari yake buƙata ba, abin da ya faru da kawu a satin nan ya isa. Wata Hajiya daga Yola ta yi odar atamfa turmi 40 na ankon bikin 'yarta, ta tura naira 300,000 kafin alƙalami tun cikin azumi, kuɗin sun shiga asusun kawu, alat ɗin yana nan. Amma wane zane ta zaɓa, wace kala, nawa aka yi ciniki kowane turmi, wace rana za a kai tasha a ba direba, ba ko ɗaya a rubuce a shagon. Ta turo hoto ne ta zagaye wanda take so, ta biyo da saƙon murya tana cewa ba mai ruwan ƙasa ba mai ruwan goro, duk a wayar yaro. Da ta kira kawu tana tambayar kayanta sai ya tsaya yana inda-inda, mutumin da ya shekara talatin a kasuwa. Littafin bashin da ke cikin durowa kuma sunan mutum huɗu ne a ciki, alhali kawu ya san masu riƙe da kuɗinsa sun fi goma. Da kayan kawu aka yi wannan cinikin, da jarinsa, a lokacin da yake biyan yaron kuɗin abinci da na wata. Da a ce a littafi yaron ya rubuta ya sa a aljihu ya tafi da shi ba wanda zai tsaya musu, kowa zai ce ya dawo da littafin mutane. Don an rubuta a waya hukuncin bai sauya ba.

Na ji masu kare yaron suna cewa ai wayarsa ce, datarsa ce, shi ya sha wahalar amsa saƙo ƙarfe goma sha ɗayan dare. Gaskiya ne, kuma zan zo kan wannan don laifin kawu ne babba. Amma wahalar da ka sha ba ta mayar da bashin Alhaji naka, in kana da ƙorafin sallama ka kai gaban shugabannin kasuwa ko dattawan layi a zauna, ba ka riƙe bayanin Hajiyar Yola a matsayin jingina ba, ita me ta yi maka.

To sai ɗaya ɓangaren. Kalmar "dawo min" ɗin nan ita ce farkon kuskure, domin hira ba buhun shinkafa ba ce da za a ɗauke daga nan a ajiye can. Kwafi kawai ake yi. In yaro ya turo maka duk hirar, tana nan a wayarsa kamar yadda take, in ma ya goge a gabanka mai yiwuwa tana cikin ajiyar da WhatsApp ke yi a Google Drive, ya sake sauke manhajar ta dawo, ko kuma ya riga ya rubuta lambobin a takarda, ko suna kansa. Don haka duk mai shagon da ke tunanin wasiƙa za ta cire masa kwastomomi daga hannun tsohon yaronsa yana yaudarar kansa ne. Abin da wasiƙa za ta iya samo maka shi ne kwafin bayanin da kake buƙata don ka cika alkawuran da shagonka ya ɗauka ka kuma karɓi bashinka, shi ke nan.

Layin kuwa da sunan yaron aka yi masa rijista, da lambarsa ta NIN aka haɗa shi, da shi yake gaisawa da mahaifiyarsa, a nan hirarsa da yarinyar da yake nema take, wataƙila ma asusun bankinsa a kan layin yake. Kawu ya so in ƙara cewa ya kawo wayar a duba. Na ce a'a. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutum, har da wasiƙunsa da maganganunsa na waya, kuma tun kafin kundin ma addini ya hana bincike da leƙen asirin mutane. Maigida ba ya samun ikon karanta wayar yaronsa don kawai akwai hirar ciniki a ciki. Batun 'yan sanda kuma, ni dai ban ga laifin da za a rubuta ba, yaro bai saci waya ba, tasa ce, bai shiga asusun kowa ba, maigidan ne da kansa ya riƙa ce wa mutane "karɓi lambar yaron nan ka tura masa". Abin da ke faruwa in aka yi irin wannan barazanar kowa ya sani, yaro ya tsorata ko ya fusata ya goge komai a daren, gobe ya ce waya ta faɗa ruwa, kai kuma ka tashi ba tsuntsu ba tarko.

Akwai kuma wanda duka su biyun suka manta da shi, wato kwastoman. Kawu yana cewa kwastomomina, yaro yana cewa ni suka sani, kamar ana rabon awaki. A cikin hirar nan akwai adireshin gidajen mutane, akwai hoton risit mai ɗauke da lambar asusu, akwai matan aure da suka turo hotonsu sanye da kaya suna tambaya ko ya yi, akwai wanda ya rubuta yana ba da haƙuri kan bashi yana faɗin halin da gidansa ke ciki. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, da hukumar NDPC da ke kula da ita, kuma ɗaya daga ginshiƙan dokar shi ne bayanin da ka karɓa don wata manufa kada ka juya shi zuwa wata daban da ba ta dace da ta farkon ba. Hajiya ta ba da adireshinta ne don a kai mata atamfa daga shagon kawu. Wannan ya ba shagon hujjar ya nemi bayanin don ya kai mata kayanta, amma bai ba yaro hujjar ya zuba lambarta a guruf ɗin tallan sabon shagonsa ba tare da ya tambaye ta ba, haka kuma bai ba kawu hujjar ya hana ta sayayya a inda ta ga dama ba. In gobe ita da kanta ta nemi yaron ta ce kai nake so ka riƙa zaɓo min kaya, ba wata wasiƙa da za ta hana, kuma a gaskiya a Kwari haka aka saba, yaro ya tashi ya buɗe nasa wasu su bi shi wasu su zauna, kawu ma haka ya fara, na tuna masa ya yi shiru.

Yanzu laifin kawu da na ce zan dawo kansa. Shekara huɗu yana ganin ciniki yana shigowa ta wayar yaro, daga Yola, daga Maraɗi, har wani mai saye daga Njamena, bai taɓa cewa bari in sayi waya ta shago in sa mata layi da sunana ba. Katin data ma sai yaron ya yi ta naci. WhatsApp Business tun 2018 yake, kyauta ne, ana iya sa wa kowace hira alama, wannan sabuwar oda, wannan an biya, wannan ana bin sa, kuma ta Linked devices ana iya haɗa wasu na'urori har huɗu a kan layi ɗaya, yaro yana amsawa a tasa maigida yana gani a tasa, ran da yaro ya tafi a cire na'urarsa a ci gaba da kasuwa. Kawu ya ga wannan ɓarnar kuɗi ce, shi dai a kawo ciniki. Ya ji daɗin arahar shekara huɗu, yanzu kuma yana so ya yi magana kamar wanda aka yi wa fashi. Ba shi kaɗai ba ne, zagaya layukan Kwari ko Sabon Gari ko Farm Centre ka tambayi masu shago layin wa ke kan allon shagonsu, za ka sha mamaki.

Da ƙyar na shawo kansa muka sake wasiƙar. Ta biyun gajeriya ce, ga abin da ta ƙunsa: "Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, akwai odar mutane da bashin shago da bayaninsu ke cikin wayarka. Ina roƙonka ka zo ranar Asabar bayan la'asar, a gaban maƙwabcinmu na shago, ka tura min hirar waɗanda sunayensu ke ƙasa, da duk wani wanda ka san akwai kuɗi ko kaya tsakaninsa da shago. Wayarka tana hannunka, ba wanda zai taɓa ta. Maganar sallamarka kuma za mu zauna a kanta a ranar." Jimlar ƙarshen nan kawu ya fi minti goma yana ja kafin ya yarda, ni kuma na san ba don ita ba yaron ba zai zo ba.

Ya zo. Ya durƙusa ya gaida kawu, "Alhaji ina wuni", kawu ya amsa ciki-ciki, muka zauna a bayan shago kan tabarma ni da shi da maƙwabcin. Yadda ake yi ba wuya amma akwai ramuka. Ana buɗe hirar mutum ɗaya, a taɓa ɗigo ukun nan na sama, a shiga More, sannan Export chat, sai ta tambaya Without media ko Include media. Hira ɗaya-ɗaya ake yi, ba wani maɓalli da zai kwaso duka lokaci guda, shi ya sa tun farko na ce a rubuta sunaye. Da muka gwada ta Hajiyar Yola da Without media sai ga fayil ɗin rubutu ya fito, kwanan wata da lokaci da sunan mai magana, amma kusan kowane layi abin da ke jiki shi ne <Media omitted>, domin baiwar Allah nan ba ta rubutu, murya take turowa da hoto, kamar yawancin kwastomominmu. Wato fayil ɗin bai da amfanin komai. Sai da muka koma Include media sannan hotuna da muryoyin suka biyo, shi ma yana da iyaka, saƙonni 10,000 na baya-bayan nan yake ɗauka in da hotuna, 40,000 in babu, kuma in fayil ya yi nauyi wasu tsofaffin hotunan ba sa biyowa. Ga wanda suka shekara huɗu suna hira kullum, gara a nemo wurin da ake buƙata a tura saƙonnin kai tsaye.

Wani abin da kawu bai sani ba sai ranar, abin da aka fitar ɗin ba ya komawa cikin WhatsApp ɗin wani ya zama hira. Shi ya zaci zai buɗe wayarsa ya ga Hajiya a jere da saƙonninta ya ci gaba daga inda aka tsaya. Fayil ne kawai na karantawa, muryoyin a warwatse, sai ka bi sunan kowanne da kwanan wata ka haɗa. Kuma fayil ɗin rubutun kowa zai iya buɗe shi ya sauya 50,000 ta koma 5,000, shi ya sa na nace a yi a gaban shaida, daga wayar yaron kai tsaye zuwa ta kawu muna kallo. Duk da haka ba ya nuna abin da aka riga aka goge. In mutum ya goge saƙo a ɓangarensa kawai, ba wata alama da ke saura. Hanyar ganewa ita ce ka ga magana ta yi tsalle, kwastoma yana cewa "to na gode na tura" amma ba inda aka ba shi lambar asusu, ko ka ga risit amma sunan da ke jiki ba na shago ba ne. Ainihin ma'aunin dai takardar bayanin asusun banki ce da kuma wayar kwastoman, domin kowace hira tana da kwafi biyu, in ɗaya ya goge ɗayan yana da nasa.

Mun samu irin wannan tsallen guda ɗaya. Wani tela ya biya naira 85,000 cikon kuɗin shadda, risit ɗin da sunan yaron. Wurin ya yi tsit. Yaron ya ce Alhaji ranar nan ce netwok ɗin bankinka ya ƙi, ka ce in karɓa a nawa in ciro a POS in ba ka, kawu ya yi jim ya ce ya tuna an yi haka amma bai tuna ko wannan ne ba. Ba rubutu, ba shaida, maƙwabcin ya ce to a bar wa Allah. Na kawo wannan ne don masu cewa yaran shago ɓarayi ne da masu cewa masu gida azzalumai ne, ni ina wurin kuma har yau ba zan iya rantsuwa kan ko ɗaya ba, abin da na gani shi ne mutum biyu da suka shekara huɗu suna juya miliyoyi a kan "ai ka gane".

Zuwa magariba mun fitar da hirar mutum 14. Bashin da ya fito fili na mutum 11 ne, jimla naira miliyan ɗaya da dubu 240, bakwai daga ciki ba sa cikin littafin durowa kwata-kwata. Abu na ƙarshe da na roƙi yaron, wanda a ganina ya fi fitar da fayil ɗin ma amfani, shi ne ya tura wa kowannensu saƙo ɗaya da muryarsa, cewa ya bar shagon Alhaji, duk mai oda ko ciko ya tuntuɓi wannan lambar, kada a sake tura kuɗin shago ta wajensa. Wannan ya kare kawu daga mai cewa ai na ba yaronka, ya kare yaron daga zargi, kwastoma kuma ya san inda zai nufa. Kawu ya so a ƙara da cewa kada su sake neman yaron, maƙwabcin ya ce Alhaji bar wannan, arziki na Allah ne.

Akwai masu ganin na yi wa kawu sassaucin da bai kamata ba, wai da lauya aka sa ya rubuta da hatimi yaron zai fi jin tsoro. Wataƙila a kamfani mai takardar ɗaukar aiki da aka rubuta sharaɗi tun farko, cewa duk hirar ciniki a layin kamfani za a yi kuma a miƙa ta ranar barin aiki, wasiƙar lauya tana da abin da za ta tsaya a kai. A shagon da ba takarda ko ɗaya tsakanin maigida da yaro sai "kawo shi ya riƙa zama", lauyan zai karɓi kuɗinsa ne ya rubuta turanci mai nauyi, yaron kuma ya kai wa wani ya fassara masa, ya ji an kira shi ɓarawo a fakaice, hirar da kake nema kuma tana hannunsa, yatsa ɗaya ya ishe shi.

Atamfar Hajiya ta tafi Yola ranar Talata, mai ruwan goron. Kawu ya sayi waya ta hannu a Farm Centre ya sa sabon layi da sunansa, ya ɗaure ta da igiya a jikin kantar shagon kamar biron banki, sabon yaron da aka kawo masa daga ƙauye yana koyon sa alama. Maganar sallama an zauna sau ɗaya an ɗaga zuwa bayan babbar sallah. Telan nan mai 85,000 kuwa na ga ya fara saka shaddar tsohon yaron a sitatus ɗinsa, ban dai faɗa wa kawu ba.